Yadda Ake Raba Makonnin Gabanin Jarrabawa Zuwa Zaman Karatu na Kullum Har a Kammala Manhaja

Yawancin jadawalin karatu da ɗalibai ke zanawa yakan mutu ne kafin ya cika kwana goma, kuma dalilin kusan ɗaya ne a kowane lokaci. Ana rubuta sa'o'i da sunayen darussa, kamar a ce Lissafi daga ƙarfe huɗu zuwa shida, ba tare da an taɓa ƙirga yawan abin da ke cikin manhajar ba, balle a gwada shi da yawan kwanakin da suka rage. Irin wannan jadawali yana faɗa wa ɗalibi lokacin da zai zauna, amma ba ya faɗa masa ko zai kai ƙarshen manhajar kafin ranar jarrabawa. Tsarin da za a bi a nan yana farawa ne da ƙidaya biyu, wato yawan zaman da ɗalibi yake da shi da yawan zaman da manhaja take nema, sannan a daidaita su kafin a rubuta komai a kalanda. Za mu bi misalin wata ɗaliba da ta rage mata mako 8 daidai, tana kuma da darussa huɗu: Lissafi, Kemistiri, Bayoloji da Labarin ƙasa.

Matakin farko shi ne a ƙirga kwanaki daga baya, wato daga ranar takardar farko ta jarrabawa a dawo zuwa yau. Mako 8 kwana 56 ne, sai dai ba dukkansu ne na koyon maudu'i ba. Da farko a ware mako biyun ƙarshe, kwana 14, domin amsa tsofaffin tambayoyin jarrabawa da gyara kurakurai, kuma a ɗauke su tamkar ba sa nan. Saura kwana 42. Daga nan a cire rana ɗaya a kowane mako da ba za a rubuta mata komai ba, wadda za ta zama ta cike giɓi idan an rasa wani zama, ta hutu kuma idan ba a rasa ba. Saura kwana 36. A ƙarshe sai a duba kalanda da gaskiya a cire ranakun da aka riga aka san ba za a yi karatu ba. Ɗalibarmu tana da tafiyar kwana biyu da kuma gwajin ɗakin kimiyya na yini guda, saboda haka kwanakin aikinta na haƙiƙa 33 ne, ba 56 da take faɗa da baki ba.

Bayan kwanaki sai zama. Abin da nake nufi da zama shi ne minti 45 a kan maudu'i guda ɗaya, ba tare da an tashi ko an taɓa waya ba, sannan a huta minti goma. Babu wani sirri a cikin 45 ɗin. Wanda hankalinsa ke jure sa'a guda ya yi sa'a guda, wanda kuma minti 30 ne iyakarsa ya tsaya a nan, muddin dai tsawon bai riƙa canzawa ba, domin da shi za a yi awo. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yawan zaman da za a rubuta wa kowace rana, kuma a nan ne ɗalibai suka fi yaudarar kansu. Kada a tambayi kai zama nawa za a iya yi a ranar da aka tashi da ƙarfi. A duba makon da ya wuce, a ga zama nawa aka yi a ranar da aka dawo daga makaranta a gajiye, a ƙara ɗaya a kai, a tsaya a nan. Na taɓa ganin jadawalin wani ɗalibi da aka ƙawata da alƙalami kala huɗu, yana ɗauke da sa'a tara a kowace rana, alhali mai shi bai taɓa haɗa sa'a uku a zaune ba. Ran kwana na biyar ya naɗe takardar ya jefa cikin littafi. Wannan hali na raina tsawon aiki sananne ne ga masu nazarin halayyar ɗan Adam. A wani bincike da Roger Buehler da abokan aikinsa suka wallafa a 1994, ɗaliban jami'a sun yi hasashen kammala kundin bincikensu cikin kimanin kwana 34, amma abin da ya ɗauke su a zahiri ya kai kimanin kwana 55.

Ɗalibarmu ta tsaya a kan zama uku a rana, biyu na koyon maudu'i, ɗaya na bita. Ke nan tana da zama 66 na maudu'i da 33 na bita. Wannan 66 shi ne jarinta gaba ɗaya, kuma duk abin da za a yi daga nan rabon wannan jari ne.

Mataki na biyu shi ne a farfasa manhaja. A samo manhajar da hukumar jarrabawar ta fitar ta wannan shekarar, kada a dogara da jerin babukan littafin karatu, domin littafi yakan ƙunshi abin da ba a tambaya, wani lokacin kuma ya tsallake abin da ake tambaya. A ɗauki takarda ga kowane darasi, a rubuta maudu'ai layi bayan layi, kowanne da lambarsa. Sharaɗin shi ne maudu'in ya zama ƙarami yadda za a iya yin tambayoyi goma a kansa shi kaɗai. "Aljabara" ba maudu'i ba ne, fage ne guda. Sai an raba shi zuwa warware ikweshan mai harafi ɗaya, da mai haruffa biyu, da sauransu. Haka nan "jikin ɗan Adam" sai an raba shi zuwa narkar da abinci, zagayawar jini, numfashi da fitar da ƙazanta. Da ɗalibarmu ta gama, sai ta sami maudu'i 14 a Lissafi, 12 a Kemistiri, 15 a Bayoloji, 9 a Labarin ƙasa, jimilla 50.

Mataki na uku, wanda shi ne ya fi cin lokaci kuma ya cancanci a ba shi yini guda cur, shi ne a auna kowane maudu'i. Za a sa wa kowanne ɗaya daga alamomi uku: na iya, rabi da rabi, ko ban iya ba. Amma ba da jin zuciya ake sa alamar ba. Ɗalibi yakan buɗe littafi ya ga shafin da ya saba gani, ya ga zanen zuciya da kibiyoyinsa, sai ya ji kamar ya sani, alhali gane shafi daban, iya fito da abin da ke cikinsa daban. Hanyar da ta fi aminci ita ce a rufe littafi, a ɗauki tambayoyi uku daga tsofaffin takardu a kan maudu'in, ko kuma a yi ƙoƙarin rubuta abin da aka sani a kansa cikin minti uku. Wanda aka amsa ba tare da gargada ba ya shiga sahun farko, wanda aka fara aka maƙale ya shiga na biyu, wanda aka rasa ta inda za a fara ya shiga na uku.

Daga nan sai a sa wa kowane sahu farashinsa na zama. Wanda aka iya yana cin rabin zama, na rabi da rabi yana cin zama ɗaya, wanda ba a iya ba yana cin uku: ɗaya na fahimta, ɗaya na bin misalan da aka warware, ɗaya na amsa tambayoyi ba tare da taimako ba. A wurin ɗalibarmu, 14 ta iya, 21 rabi da rabi, 15 kuma ba ta iya ba. Lissafin ya zama 7 da 21 da 45, wato zama 73, ita kuwa 66 take da shi. An sami giɓin zama 7.

Ganin irin wannan giɓi tun ranar farko shi ne babban amfanin ƙidayar, domin yanzu ana iya yanke shawara da natsuwa maimakon a gano shi saura kwana huɗu. Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne a ƙara zama na huɗu a kowace rana, ko a cinye ranar cike giɓi, kuma ni ban ga hikimar ko ɗaya daga ciki ba, domin duka biyun bashi ne da ake ci daga makonnin gaba. Ɗalibar ta bi wata hanya. Ta lura cewa a makonni biyun farko zaman bita ba shi da kaya sosai, tunda ba a koyi abubuwa da yawa da za a bita ba tukuna, sai ta kwashe maudu'ai 14 da ta iya ta zuba su a can, ɗaya ko biyu a kowace rana, minti 20 na amsa tambayoyi ga kowanne. Wannan ya mayar da buƙatar zuwa 66. Sannan ta jera tsofaffin takardu na shekara biyar ta duba waɗanne ne daga cikin maudu'ai 15 masu wuya ba sa ɗauke da maki mai yawa, ta sami huɗu da ke fitowa a tambayoyin zaɓi kawai, ta rage su daga zama uku zuwa biyu. Buƙatar ta koma 62, ta sami rarar zama 4. A lura cewa ba ta jefar da ko maudu'i ɗaya ba. Tsofaffin takardu suna nuna nauyin maudu'i ne, ba sa ba da tabbacin abin da ba zai fito ba, don haka ana rage zurfi ne, ba a tsallakewa.

Mataki na huɗu shi ne jerantawa. Bayan ragin, Lissafi yana neman zama 22, Kemistiri 18, Bayoloji 15, Labarin ƙasa 7. Idan aka raba su a mako shida, cikakken mako zai ɗauki Lissafi huɗu, Kemistiri uku, Bayoloji uku, Labarin ƙasa ɗaya, ya bar gurbi ɗaya a buɗe. Rabon bai zo daidai wa daida ba, kuma haka ya kamata, domin bai wa kowane darasi lokaci iri ɗaya zalunci ne ga darasin da aka fi rauni a kansa. Makonta na farko ya tsaya kamar haka: Litinin Lissafi da Bayoloji, Talata Kemistiri da Lissafi, Laraba Bayoloji da Kemistiri, Alhamis Lissafi da Labarin ƙasa, Juma'a Kemistiri da Bayoloji, Asabar Lissafi da gurbin da aka bari, Lahadi kuma babu komai. A makonnin da tafiya ko gwaji suka ci rana, sai Lissafi da Bayoloji su sauka da zama ɗaya, tunda su ne ke da ɗan sarari.

Akwai ƙa'idoji biyu wajen zuba maudu'ai a cikin waɗannan gurabe. Ta farko, abin da wani ya dogara a kansa shi ke fara zuwa, ko da manhaja ta sa shi a tsakiya. Wanda bai riƙe lissafin mol ba ba zai ci ribar zama a kan titireshan ba, haka nan rabuwar ƙwayar halitta tana zuwa kafin darasin gado. Ta biyu, maudu'ai masu wuya su taru a makonni huɗun farko, na rabi da rabi su fi yawa a na biyar da na shida. Ɗalibi yana son farawa da abin da yake jin daɗinsa, yana tura mai wuya gaba, har ya zamana abin da ya fi buƙatar maimaici shi ne aka koya a makare. Zama ukun maudu'i mai wuya kuma kada a haɗa su rana ɗaya. A yi na farko Litinin, na biyu Talata, na uku Alhamis, domin kwanan da ke tsakani yana nuna abin da ya zauna da abin da ya zube.

A kalandar, kada a rubuta sunan darasi kaɗai. A rubuta lambar maudu'in, da aikin da za a yi, da alamar gamawa, misali: Kemistiri 4, lissafin mol, zama na biyu, misalai shida, tambayoyi biyar. Wanda ya zauna ya tarar da wannan a rubuce ba zai ɓata minti goma yana juya shafuka yana neman wurin farawa ba. Cikin zaman kansa, minti 5 na farko na rubuta abin da aka tuna ne daga zaman baya, minti 25 na karatu ko bin misalai, minti 15 na ƙarshe kuma littafi a rufe, ana amsa tambayoyi. Ba a soke maudu'i daga takarda don an gama karanta shi, sai an ci aƙalla bakwai cikin tambayoyi goma. Idan an ci biyar ko shida, a ƙara masa bita ɗaya. Idan ƙasa da haka ne, a ba shi ɗaya daga cikin zaman rara.

Wannan minti 15 na ƙarshe shi ne ɗalibai suka fi yankewa idan lokaci ya ƙure, ga shi kuwa shi ne ya fi amfani. A gwajin da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006, an ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta a zama ɗaya kawai suka yi ta ƙoƙarin rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, masu maimaita karatu sun tuna kimanin kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kuwa kimanin kashi 61, duk da cewa masu maimaita karatun ne suka fi sa rai za su tuna.

Mataki na biyar shi ne tsara bita, kuma ana rubuta ta ne a ranar da aka gama maudu'i, ba a bari sai an tuna ba. Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta riƙa raguwa, kuma maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama guda. Saboda haka kowane maudu'i zai sami bita uku: washegari, bayan mako ɗaya, da bayan mako uku. Idan ɗalibarmu ta gama maudu'i a rana ta 4, nan take za ta rubuta lambarsa a gurbin bita na rana ta 5, ta 11 da ta 25. Idan ɗaya ta faɗa Lahadi sai ta matsar da ita zuwa Litinin. Maudu'ai 36 da bita uku-uku sun kai 108, wanda ke nufin kusan uku a kowane zaman bita, minti 15 ga kowanne, ragowar kuma su faɗa cikin mako biyun ƙarshe. Minti 15 bai isa a sake karanta babi ba, kuma ba a so a yi hakan. Ana rubuta abin da aka tuna ne, ko a zana hoton daga ka, ko a warware tambayoyi uku, sannan a buɗe littafi a duba wurin da aka yi kuskure kawai.

Ko yaya aka tsara, sai an rasa wasu zama, don haka a kowace Lahadi a ɗauki minti goma a ƙirga na makon: nawa aka rubuta, nawa aka yi. Idan ɗaya ko biyu ne suka kuɓuce, gurbin Asabar da safiyar Lahadi sun isa su ɗauke su. Abin da ba a yi shi ne tura zaman da aka rasa zuwa washegari a ɗora shi kan na ranar, domin rana mai zama biyar ita ce ke haifar da rana mai zama sifili. Idan kuwa aka rasa fiye da uku a makonni biyu a jere, to matsalar ba ta ranakun ba ce, ƙiyasin ne ya yi yawa, kuma sai a koma mataki na farko a sake ƙidayar da adadin da ake iya yi a zahiri. Ɗalibarmu ta kai ƙarshen mako na uku da bashin zama biyar saboda rashin lafiyar kwana biyu da wani maudu'in Lissafi da ya ci zama huɗu maimakon uku. Ta biya huɗu da rararta, na biyar kuma ta haɗa maudu'ai biyu masu kusanci na Labarin ƙasa a zama guda. Ba ta rage zaman bita ba, ba ta kuma ci komai daga mako biyun ƙarshe ba.

Akwai wata alamar lalacewa da ba ta fitowa a ƙidayar zama. Idan ana soke maudu'ai a kan lokaci amma a bitar mako ɗaya ana kasa tuna rabinsu, to zaman ya koma kallon shafi ne. Maganinsa ba ƙarin lokaci ba ne, sai dai a juya rabon cikin zaman, a mayar da karatu minti 15, tambayoyi minti 25.

Idan mako biyun ƙarshe suka zo, tsarin yini yakan canza. A cikin kwana 14 akwai 12 na aiki, wanda ya ba kowane darasi cikakkiyar takarda uku. Da safe a zauna a amsa tsohuwar takarda daga farko zuwa ƙarshe, da agogo a gaba, da tsawon lokacin da jarrabawar ta tanada, ba tare da littafi ba. Bayan hutu a duba amsoshin, a rubuta lambar maudu'i a gefen kowace tambayar da aka faɗi, tare da dalilin faɗuwar: rashin sani ne, ko kuskuren karanta tambaya, ko ƙurewar lokaci. Na rashin sani ne kaɗai ke komawa zaman yamma, tare da ragowar bitar da ta biyo daga mako na biyar da na shida. Na ƙurewar lokaci kuwa ana gyara su ne a takarda ta gaba, ta hanyar raba mintuna bisa makin kowace tambaya tun kafin a fara rubutu.

Jerin takardun ya bi jadawalin jarrabawar kanta. Idan Kemistiri ne a ranar farko, Labarin ƙasa kuma sai bayan kwana tara, to takardun Kemistiri uku su zo da wuri, ta ƙarshensu saura kwana biyu ko uku, ta uku ta Labarin ƙasa kuma ana iya ɗage ta zuwa ratar da ke tsakanin jarrabawoyin, a bai wa Kemistiri ranar da ta bari. Ranar jajibiri ba a buɗe sabon maudu'i kuma ba a zama takarda cikakkiya. Zama biyu sun isa, a kan jerin kurakuran da aka tara da ƙa'idojin lissafin da ake yawan mantawa, sannan a haɗa kayan rubutu da katin shiga a kwanta a lokacin da aka saba.